Takardar Neman Aiki: Da Hausa Ko Da Turanci?

Yau na ɗan ajiye alƙalamin labarin soyayya, saboda wani abu da ya faru a gidanmu na Maruda wanda ya tono mini tsohon miki.

Ina zaune bayan la'asar ina gyaran wani babi sai ga ɗiyar yayana ta shigo da waya a hannu, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Goggo, aiki na jiya a rediyo, amma ban san da wace halshe zan rubuta takardar ba." Yarinya ce mai difloma daga Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, Hausa kuwa a bakinta ta tashi. Wata ƙungiya ce mai aikin lafiyar mata da yara take neman waɗanda za su zagaya ƙauyukan Gwandu da Kalgo, su kuma riƙa rubuta gajerun saƙonni da za a karanta a rediyo. Da Hausa ta ji sanarwar. Da ta je sakateriyar ƙaramar hukuma sai ta tarar da ita manne a allo da Turanci. An ce a kawo wasiƙa, da takardar tarihin karatu da aiki, da samfurin rubutu shafi ɗaya. Ba a ce da wane harshe ba, kuma saura kwana tara a rufe.

Kafin in ba ta amsa sai da na yi shiru, don ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Lokacin ina da littafi biyu a kasuwa aka nemi masu rubuta wasan kwaikwayon rediyo na Hausa. Ni da takardar sakandare kawai gare ni, sai na ga kamar in na kai rubutun Hausa za a raina ni. Na biya wani malami ya tsara mini komai da Turanci mai nauyi, har samfurin wasan ya juya mini shi. Ranar intabiyu mutumin da ke tsakiya ya ɗaga takardar ya karanto wata jimla, ya ce in faɗi abin da nake nufi da ita. Wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba. Na kusa da shi ya ce, "Hajiya, mu Hausarki muke son gani, ina take?" Tana gida cikin akwati. Haka na hau mota na dawo, aikin da na fi kowa iyawa a ɗakin nan ya wuce ni, don kawai na ji kunyar yin tambaya guda.

Abin da na gane daga baya, wanda kuma na zaunar da yarinyar nan na faɗa mata, shi ne tambayar "da wace harshe zan rubuta" ta yi faɗi da yawa. Takardar neman aiki ba abu ɗaya ba ce, kuma ba mutum ɗaya ke karanta ta ba. Akwai wanda zai karɓa ya sa a fayil, ya aika wa na sama, a buga hatimi. Akwai kuma wanda zai duba ko za ka iya aikin. Na farko harshen ofis yake bi, kuma a Nijeriya harshen ofis Turanci ne. Ko a tsarin mulkin 1999, sashe na 97 cewa ya yi majalisar jiha da Turanci za ta gudanar da harkokinta, sai in ta amince ta ƙara da wani harshe da ake yi a jihar. Idan majalisa haka take, ina ga fayil ɗin ma'aikaci? Saboda haka in aikin gwamnati ne, ko na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan kan hanyar Kalgo tun 2013, wasiƙa da tarihin aiki ba su buƙatar tambaya, Turanci ne, ko da kuwa daga mai gadi har shugaba Hausa za su yi da kai in ka shiga. Jin sanarwa da Hausa a rediyo ma kada ya ruɗe ka, an yi ne don saƙo ya kai. Rubutacciyar sanarwar ita ce abin dubawa.

Inda shakka take shi ne wajen mutum na biyu, mai duba iyawa. Nan ne samfurin rubutu yake, nan ne intabiyu take. Aikin da za a yi da matan ƙauye, ko fassara, ko karanta labarai, ko koyar da Hausa, zai yi wuya a auna shi da Turanci kaɗai. To a nan ake tambaya, kuma a kan wannan gaɓar kawai.

Ta ce, "To Goggo, in na tambaya ba su cewa ban iya Turanci ba?"

Na ce ya danganta da yadda kika tambaya. Wanda ya rubuta cewa "ko zan iya kawowa da Hausa?" roƙon sassauci yake yi, mai karantawa kuma zai ɗauka Turancin ne ya gagara. Wanda ya ce "ina rubutu da duka biyun, wanne kuke so a samfurin?" ya riga ya faɗi abin da ya iya kafin a buɗe takardarsa. Shi ya sa na ce mata ta yi tambayar da harshen rubutacciyar sanarwar, wato Turanci, mai sauƙi, nata na kanta. Tambayar ita ce shaidar farko cewa ta iya.

Sai batun wanda za a tambaya. Ta so ta kira wani abokin yayanta da ya ce ya san wani a ciki. Na hana. Irin waɗannan ba sa cewa ba su sani ba, amsa za su ba ka da ƙarfin hali, ranar da ta zama kuskure kuma ba ka da abin nunawa. A ƙasan sanarwar akwai adireshin imel da lambar ofis, su aka sa don wannan. Na ce ta rubuta a rubuce, kada ta kira, don amsar ta zauna a wayarta. Kuma ta aika tun da sauran kwanaki, da safe, ranar aiki. Wanda ya tambaya ana gobe rufewa, ko an amsa masa ba shi da lokacin gyara.

Mun ɓata kusan awa guda a kan saƙon da bai wuce layi shida ba. Na farko da ta rubuta ya fara da doguwar gaisuwa da bayanin halin da gida yake ciki, na sa ta goge. Ga ma'anar wanda ta aika, in an mayar da shi Hausa:

"Barka da aiki. Ina shirin neman aikin wayar da kai na Gwandu da Kalgo da kuka sanar. Ina rubutu da Hausa da Turanci. Wasiƙa da tarihin aiki zan kawo su da Turanci kamar yadda sanarwar take. Tambayata a kan samfurin shafi ɗaya ce: da Hausa kuke so ko da Turanci? In da Hausa ne, daidaitacciya ko irin ta yankin nan? In ban ji daga gare ku ba zuwa Litinin, zan kawo shi da Hausa tare da taƙaitawa ta layi uku da Turanci. Na gode."

Jimlar nan ta kusa da ƙarshe ni na matsa a sa ta. Ofisoshi da yawa ba sa amsa saƙo, ba don wulaƙanci ba, wani lokaci mutum ɗaya ne da takardu ɗari a gabansa. In ka faɗi abin da za ka yi idan an yi shiru, shirun ba zai tsayar da kai ba, kuma in an tuhume ka ranar intabiyu kana da saƙon da za ka nuna.

Ita kuwa tambayar daidaitacciyar Hausa, wadda ba ta zo mata a rai ba sam, ita ce ta fi damuna, don mu mutanen yamma mun san zafinta. Hausar littafi da jarida, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, ta fi karkata ga ta Kano. Mu nan "shina zuwa" muke cewa inda littafi zai ce "yana zuwa", mu ce "wanga" a maimakon "wannan", mu ce "mi" a maimakon "me". Littafina na farko sai da mai buga shi a Kano ya bi shi da jan biro yana gyara waɗannan, har na yi fushi, na ce ai Hausar Abdullahin Gwandu ba ta buƙatar gyaran kowa. Amma gaskiyarsa, masu sayen littafin a Kano da Zariya suke. Mai neman aikin jarida ko fassarar takardu, in ya kai samfuri da karin harshen gida, mai dubawa zai iya ɗauka bai san ƙa'idar rubutu ba, musamman in ya haɗa da barin ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Mai rubuta saƙon da tsohuwa za ta ji a rediyo a bayan Kalgo kuwa, in ya cika shi da Kananci za ta ji kamar baƙo ne ke mata wa'azi. Ka ga wanda yake zaton harshe biyu gare shi, ashe uku yake zaɓa a ciki.

Masu leƙawa ta Kamba su nemi aiki a Gaya ko Dosso, su ma su yi hattara. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Wannan bai nuna kowane ofis zai karɓi takarda da Hausa ba, sai an tambaya, kuma rubutun Hausarsu yana da ɗan bambanci da namu, misali inda muke sa 'y su ƴ suke sawa.

Amsa ta zo bayan kwana biyu, layi uku kacal. Wasiƙa da tarihin aiki da Turanci, don ofishinsu na Abuja ake turawa. Samfuri da Hausa, yadda matan yankin ke magana. Intabiyu kuma da duka biyun. Yarinya ta yi tsalle ta ce, "Goggo, da ban tambaya ba da Turanci zan kai shi!" Na ce na sani, ni na riga ki.

Daren nan ta rubuta saƙo a kan zuwa awon ciki. Na farko ya fito kamar an fassaro shi daga littafin makaranta, kowace jimla da "yana da muhimmanci". Na ce ta tashi ta je ɗakin Inna ta karanta mata da ƙarfi, duk inda Inna ta ce "mi kic ce?" ta ja layi a wurin. Ta dawo da layi bakwai. Ta sake rubutawa sau biyu, ni kuma na duba mata ƙugiyoyi da rabon kalmomi. Wasiƙar Turancin ban taɓa ta ba, kuma na hana ta kai wa kowa ya ƙawata mata, na ce duk kalmar da ba za ta iya bayaninta a gaban mutum uku ba ta cire ta. Abu ɗaya na sa ta gyara: sunanta a wasiƙar ya bambanta da harafi ɗaya da wanda ke kan takardar WAEC da ta shaidar ƙaramar hukuma, na ce ta bi na takardun.

Ta kai da sauran kwana uku a rufe. Makon jiya aka kira ta intabiyu a Birnin Kebbi, ta ce sun fara da Turanci, can sai wata mata a cikinsu ta miƙo mata samfurin nata ta ce ta karanta kamar tana gaban makirfo. Sun ce za su kira waɗanda aka ɗauka ƙarshen wata. Tun ranar wayarta ba ta rabuwa da caji, Inna kuma kullum sai ta tambaya ko an sa saƙon nata a rediyo.