Yaron da ke ci yana ramewa

A jinin babban mutum mai lafiya, wanda bai karya kumallo ba, sukarin da ke yawo bai wuce giram 1 a kowace lita ba. Jinin nasa kuwa kusan lita 5 ne. Ke nan duka-duka giram 5, nauyin ƙwarar sukari ɗaya irin wadda muke jefawa a shayi. Amma kwanon tuwo ko dambu, in ya narke a hanji, yakan zuba wa jini ninkin wannan sau da yawa. To ina sauran yake zuwa?

Bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Da zarar sukari ya hau bayan cin abinci, sai ta saki wani sinadari mai suna insulin. Shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofar tsoka da kitse, ya shiga ya zama ƙarfi, ya kuma sa hanta ta adana rarar kamar hatsi a rumbu. Ciwon sukari shi ne lalacewar wannan tsari. A nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, insulin yana nan amma jiki ba ya jin sa sosai. A nau'i na farko, wanda ya fi kama yara, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke yin sa, har ya ƙare. Ba shan alewa ke kawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba ne.

Na ga wannan a ajina a nan Yamai, jikin wani ɗalibi ɗan shekara 11. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kowa na shan ruwa, don haka ƙishirwarsa ba ta ja hankalin kowa ba. Fitsarin ne ya bambanta shi. A bazara gumi ke kwashe ruwan jiki, yara ba su cika neman zagayawa ba, shi kuwa sau huɗu kafin tashi. Na kira mahaifiyarsa, ta ce: "Malam, har fitsarin kwance ya koma yi. Ci yake kamar gara, amma wando sai zame masa yake."

Kowace alama da dalilinta. In sukari ya wuce kimanin giram 1,8 a lita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya tsiyaye cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi. Daga nan yawan fitsari, daga nan ƙishirwa. Tsoka kuwa yunwa take ji alhali jini cike yake da abinci, sai jiki ya shiga ƙona kitsensa da namansa. Ramar ke nan. Ƙona kitse babu insulin yana tara guba mai tsami a jini, wadda ke kawo amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi, har suma. A nan ake ruɗewa a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko iskoki, alhali sa'o'i ake ƙirgawa.

Gwajin ɗigon jini ne daga ɗan yatsa. Giram 1,26 ko fiye kafin a ci komai, ko giram 2 a kowane lokaci tare da waɗannan alamu, shi ke nuna ciwon. Na yaron ya haura 3, aka kwantar da shi a Babban Asibitin Ƙasa, aka fara masa allura. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, irinsa ba sa daɗewa. Yau yana karatunsa, sai dai allurar ta kullum ce, domin babu sassaƙe ko jiƙo da ke maye gurbinta. Zafi yana kashe ƙarfinta, shi ya sa gidan da babu firji suke ajiye kwalbar a busasshen gwangwani cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Saura abin da ya shafe mu malamai. Insulin na allura ba ya jira a ci abinci. In yaro ya yi allura bai karya ba, ko ya buga ƙwallo, sukarinsa na iya faɗowa ƙasa da 0,70. Za ka ga gumi, makyarkyata, ruɗewa ko fushi babu dalili. Maganinsa a lokacin sukari ne, ƙwara ɗaya ga kowane kilo 20 na nauyinsa. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Don haka a ajiye ƙwarar sukari a aljihun tebur. Yaron da ya nemi zagayawa sau uku da safe kuwa, kafin a ɗaga masa bulala, a tambayi gida ko yana tashi fitsari da dare.