Layin bai yanke ba, amma wannan bai isa ba

Jama'a, yau raina ya ɓaci. Kun san ina duba takardun gwajin 'yan ajina na kalkulas, to na tambaye su ko f(x) = |x| yana da dirabatif a x = 0, sai ga yawancinsu sun rubuta: "E, tunda giraf ɗin bai yanke ba." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na bincika, sai suka ce haka aka koya musu a lesin.

Tambayoyi biyu ne daban, kuma na sha faɗa a nan. Ta farko: in ka matso kusa da wurin ta hagu da ta dama, shin ƙimar fankshan ɗin tana nufar ƙimar da ke daidai wurin? In e, layin bai yanke ba. Ta biyu kuwa gangara take tambaya. Ka ɗauki [f(a+h) − f(a)]/h, ka yi ta rage h, ka ga ko zai tsaya a kan lamba guda, ko ta wane ɓangare ka zo. A |x|, in h ta dama ce amsa 1, in ta hagu ce −1. Komai ƙanƙantar h, haka za su tsaya, ba za su haɗu ba. Kwana ke nan. Titi ne lafiyayye babu rami, amma a daidai kwanar ba ka iya cewa ga inda mota ta fuskanta.

Duk mai dirabatif ba ya yankewa, wannan gaskiya ne, domin f(a+h) − f(a) gangarar nan ce sau h, in h ta tafi sifili ita ma ta tafi. Juya maganar ne kuskure.

Na san wani zai ce, "Malam, ai kwana ana ganinta da ido, mene ne na dogon bayani?" To bismilla, ga x^(1/3). Zana shi. Sumul yake, babu kwana ko ɗaya, ya ratsa sifili lafiya lau. Yanzu lissafa: gangarar ta zama 1/h^(2/3). Sa h = 0.001, ka sami 100. Sa h = −0.001, 100 ɗin dai. Sa 0.000001, ka sami 10,000. Ɓangarorin biyu sun yarda da juna, amma hawa suke ta yi babu iyaka. Tanjan yana nan, sai dai a tsaye yake ƙiƙam, kuma layin da ke tsaye ba shi da gangarar da za a rubuta da lamba. Idon da ka dogara da shi bai gaya maka wannan ba.

Shi kuwa x^(2/3) tsini yake yi. A h = 0.001 gangara 10, a h = −0.001 kuma −10, kana matsowa ɗaya na hawa sama, ɗaya na nutsewa ƙasa. Yara kan kira shi kwana, alhali a kwana kowane ɓangare yana da lambarsa, a tsini babu ko ɗaya.

'Yan uwana malamai, ba raina ku nake ba, wallahi na san yawan ɗalibai da ƙarancin lokaci. Amma amana ce. Mun ba yaro dokar nx^(n−1), bai san daga ina ta fito ba, sai ya ɗauka duk layin da biro ya ja ba a ɗaga ba yana da gangara a ko'ina. Manyan masana da dama ma sun zaci wuraren da abin ke ƙi 'yan kaɗan ne, har Bajamushe Karl Weierstrass ya gabatar a Berlin a 1872 da fankshan da bai yanke a ko'ina ba, kuma ba shi da dirabatif a ko'ina. Don haka ban ga laifin yaron ba. Wanda ya ba shi dokar ba tare da limit ba nake tuhuma.

Masu cewa ba ya fitowa a jarrabawa kuma, ku gwada wannan: f(x) = x² idan x ≤ 1, da 2x + 5 idan x > 1. Mai hadda zai ce 2x a 1 ya ba da 2, ɗaya ɓangaren ma 2, shi ke nan akwai dirabatif. Alhali hagu ta tsaya a 1, dama ta taso daga 7, layin ya yanke tun kafin a zo maganar gangara. Ku fara duba yankewa, sannan ku lissafa gangarar hagu da ta dama kowacce daban. Wanda ya yi, ya turo mini abin da [f(1+h) − f(1)]/h ya ba shi a h = 0.001.