Kalmar "Olsa" Ta So Ta Cinye Mana Naira Dubu 480

Labarin da zan ba ku ba na kishiya ba ne, ba kuma na dangin miji ba. Labarin kalma ɗaya ce da ta fito daga bakin mahaifiyata a ɗakin likita, ta so ta raba mu da kuɗinmu, ta kuma so ta shiga tsakanina da maigidana.

A ranar 1 ga Maris, 2022, Baban Ummi ya saya mana inshorar lafiya ta iyali a wani kamfani. Ni na cike fom ɗina da hannuna. Inda aka tambaya ko ina da wata tsohuwar cuta na rubuta babu, don iyakar sanina ke nan. Na haihu a watan Janairun 2023 lafiya lau. Cikin watan Afrilu, wani dare bayan na ci soyayyen nama, ciwo ya turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa har kafaɗa, ga amai ga zazzaɓi. Baban Ummi yana Legas, don haka Hajiya ce ta kai ni asibiti. Aka yi sikanin, likita ya ce tsakuwa ce a matsarmama, ta toshe hanya har wurin ya kumbura, sai an yi aiki.

Asibiti suka nemi izinin kamfani, shiru. Maigida ya ce a yi aikin kawai, rai ya fi dukiya. Na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na aure, ya ranto ragowar wurin yayansa, muka biya naira dubu 480. Bayan an sallame ni muka kai rasit don a mayar mana da kuɗinmu. Sai ga amsa a layi biyu: wai ba za su biya ba, cutar ta riga inshorar.

Ranar na ga ɓacin ran da ban taɓa gani a fuskar Baban Ummi ba. Ya ce, "Maman Ummi, dama kin san kina da ciwo kika ɓoye mini, kika rubuta babu?" Wallahi wannan magana ta fi ɗinkin da ke cikina zafi. Na kwana ina kuka. Da asuba na ce kuka ba zai wanke ni ba, takarda ce ta shafa mini baƙi, takarda ce kuma za ta wanke ni.

Abu na farko, na rubuta wa kamfanin su faɗa mini a rubuce wace shaida suka dogara da ita, da kuma wane sashe na yarjejeniya. Suka turo kwafin shafin da likitan gaggawa ya cike a daren. A nan na ga an rubuta cewa ni mai olsa ce, shekara uku ina fama da ciwon ciki. Na tambayi Hajiya, ta ce, "Ai ni na faɗa masa, 'yar nan. Ba ke ce kike shan farin maganin nan ba lokacin cikin Ummi?" Allah sarki! Mu dai kowane ciwon ciki olsa muke ce masa. Likita ya rubuta abin da ya ji, kamfani kuma ya ce ciwon shekara ukun nan tsakuwar ce tun can.

Sai na ɗauko yarjejeniyar na karanta sashen da kaina. Tamu ta ce tsohuwar cuta ita ce wadda aka gano, ko aka yi wa magani, ko alamunta suka bayyana kafin ranar fara inshora. Ashe ba a ce in tabbatar ban taɓa ciwo a duniya ba. Abin da ke gabana shi ne in nuna cewa kafin 1 ga Maris, 2022, ba a gano mini tsakuwa ba, ba a yi mini maganinta ba, kuma ciwon da Hajiya ta ambata wani abu ne daban.

Na fara da katin awona na 2019. A ciki ungozoma ta rubuta ƙwannafi a wata na bakwai, aka ba ni maganin ruwa mai kwantar da shi. Bayan haihuwa ba a sake ambatonsa ba. Wannan ita ce "olsar" tawa. Sannan na tuna a Nuwamban 2021 na yi ciwon mara, aka yi mini sikanin. Na je sashen ajiyar fayil na asibitin, na rubuta takardar neman kwafi, na biya kuɗi, na yi sintiri har sau huɗu. A nan akwai abin lura, 'yan'uwa. Sikanin na awon ciki jariri yake dubawa, galibi ba ya cewa komai a kan matsarmama, don haka ba zai taimake ni ba. Amma na Nuwamba na ciki ne gaba ɗaya, kuma rahoton ya ce hanta lafiya, matsarmama lafiya, babu tsakuwa. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan kafin inshora. Da na karanta layin nan sai da na zauna a kan benci, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Na kai takardun wurin likitan da ya yi mini aiki, na roƙe shi ya goge maganar olsa daga fayil. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ba a goge abin da aka rubuta a fayil. In aka ga gyara, duk shaidarki ta lalace." Maimakon haka ya rubuta rahoto mai kwanan wata da sa hannu da hatimi. Ya ce bayanin daren daga bakin 'yar rakiya aka ɗauka, ba daga gwaji ba. Ya ce sikanin Nuwamba bai nuna tsakuwa ba, ranar farko da aka gano ta a Afrilun 2023 ce. Ya ƙara da cewa juna biyu yana sa ruwan matsarmama ya yi kauri ya daɗe bai fita ba, shi ya sa tsakuwa kan taru a lokacin, kuma nawa cikin bayan fara inshora na same shi. Na so ya rubuta tabbas a lokacin cikin ta fito, ya ƙi. Ya ce ba wanda zai iya faɗin ranar da tsakuwa ta fara taruwa, abin da takarda ta nuna kaɗai zai sa wa hannu.

Wasiƙar ɗaukaka ƙarata shafi ɗaya ce. Ban yi zagi ba, ban yi magiya ba. Na sa lambar inshorata, na kawo kalmomin sashen, sannan na jera ranaku bi da bi, kowace da lambar takardar da ke mara mata baya. Kwafi mai hatimin asibiti na ba su, na riƙe na ainihi, na kuma sa suka buga mini sitam a nawa kwafin cewa sun karɓa. A ƙarshe na rubuta cewa in ba a warware ba zan kai kuka Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta ba ikon sa ido a kan irin waɗannan kamfanoni.

Sati biyar sai ga amsa: likitansu ya sake dubawa, sun janye. Sun biya dubu 410, suka cire kuɗin ɗaki na musamman da muka zaɓa, wanda tsarinmu bai ƙunsa ba. Ban ja ba, gaskiyarsu ce.

Aka fara biyan yaya bashinsa. Da daddare Baban Ummi ya zauna bakin gado yana jujjuya rahoton sikanin nan, can ya ce, "Ki yafe mini, na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba." Na ce ya wuce. Sarƙata dai ba ta dawo ba tukuna, ya yi alkawari, ina nan ina jira.

Yanzu duk katin asibiti da sakamakon gwaji na gidan nan suna cikin wata tsohuwar jakar lefena. Hajiya kuwa, in za ta raka wani asibiti, ni ke tuna mata: ta faɗi inda ke ciwo da ranar da ya fara, sunan cuta ta bar wa likita.

Wassalam.