Wasiƙa ga ƙawata malama: me za a ce wa ɗalibar da ta samu maki 34?

Aminiyata,

Saƙonki ya iso, kuma na ji damuwarki kan yarinyar nan ta aji ɗaya da ta samu maki 34 cikin 100 a lissafi, ga shi tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba. Kin ce bakinki ya yi nauyi, ba kya son ce mata "kin faɗi", ba kya kuma son yi mata ƙarya. To, bari in faɗa miki yadda nake yi.

Abin da ke ƙona ran yaro a "kin faɗi" ko "kin kasa" shi ne maganar ta sauka a kansa shi kansa, kuma ba ta nuna masa inda zai dosa. Balle a kai ga "daƙiƙiya" ko "kanki ba ya ja". Magana zarar bunu ce. Yaro na iya girma da irin wannan a zuciya. Don haka nakan mayar da maganar kan aikin, in zaɓi kalma gwargwadon irin matsalar.

In ta san hanya amma wani lokaci ta samu, wani lokaci ta kuskure, sai in ce, "Karatun bai zauna ba tukuna." Wannan gadonmu ne daga makarantar allo: malam ba ya barin a wanke allo sai karatu ya zauna, sai ya ce a koma a ƙara biyawa. In mataki ɗaya ne ya ɓata aikin, sai in sa yatsa a wurin in ce, "A nan aka yi tuntuɓe." In kuwa hanyar ce gaba ɗaya ba daidai ba, sai in ce, "Wannan hanyar ba ta ɓulle ba, zo mu bi wata." Shi kuwa "da saura kaɗan", ki adana shi don mai 47 ko 48. A ma'aunin WAEC, C6 daga 50 yake farawa, ƙasa da 40 kuma F9 ne. In kika ce wa mai 34 saura kaɗan, kin yaudare ta.

Mu ɗauki misalin da kika kawo: ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ki kira ta gefe, ba a gaban ƙawayenta ba, ki ce, "Tarawarki daidai take, amma hanyar ba ta ɓulle ba. Duba, da rabi kika fara, kika ƙara masa wani abu. Shin 2/5 ya kai rabi?" Ki yi shiru har ta gane da kanta cewa bai kai ba. Sannan ku mayar da lambar ƙasa ta zama 6: 3/6 da 2/6, amsa 5/6. Ki ba ta guda uku irinsa ta kawo gobe. Wataƙila ma ki tarar kuskuren nan ɗaya ne ya cinye mata tambayoyi da dama, wannan kuwa albishir ne da ya kamata ta ji daga bakinki.

Wani abu kuma, kada maki ya riga bayani isa gare ta. A shekarar 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada 'yan firamare: waɗanda aka ba bayani kaɗai aikinsu ya inganta, waɗanda kuwa aka haɗa musu bayani da maki ba su fi waɗanda aka ba maki zalla ba. Da ido ya faɗa kan lamba, sauran rubutun ya tafi. Saboda haka ku gama gyara tukuna, sannan ki faɗa mata makin, ba tare da ɓoye ko ɗaya ba.

Ki kuma kiyayi "kin yi ƙoƙari" tsurarsa. Yara sun san ta'aziyya ce. Hanyar gane ko maganarki ta yi aiki ita ce ki tambaye ta, "Me za ki gyara?" In ta ce, "Zan daidaita lambar ƙasa kafin in tara," to, ta kama. In ta ce, "Zan dage," ki sake zama da ita, don taushin kawai ta ji.

In mahaifiyarta ta zo karɓar sakamako, ki faɗa mata haka ita ma, da abin da za a riƙa dubawa a gida, don kada a rushe miki aiki da gori.

Ki rubuto min yadda kuka ƙare da tambayoyin nan uku. Allah Ya buɗa wa yarinyar nan.

Taki har kullum,
Aminiyarki