Rana Ba Ta Ƙarya: Yadda Wani Tela Ya Ba Da Haƙuri Ya Sake Sa Rana

Ba kowane jinkiri ne ke raba mai sana'a da abokin cinikinsa ba. Sau da yawa abin da ke raba su shi ne yadda aka ɓoye jinkirin har ranar alkawari ta zo, sa'an nan aka shiga "dawo gobe" da "dawo jibi". Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi kunya. Masu ɗinkin riguna sun fi kowa sanin wannan magana, musamman a watan azumi, lokacin da kowane mai riga yake da rana ɗaya tak a zuciyarsa, watau ranar Idi.

A Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, akwai wani dattijon tela wanda ya shekara fiye da 30 yana ɗinkin manyan riguna. Wani Alhaji, dillalin shanu, ya kawo masa shadda yadi 10 a farkon watan Sha'aban, yana son babbar riga da 'yar ciki da wando. Ya ce aikin hannu yake so, aska takwas, ba na keke ba. Suka yi jinga, Alhaji ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, tela kuma ya sa masa ranar 25 ga watan azumi.

Irin wannan riga ba hannu ɗaya ke yin ta ba. Tela shi ne zai yanka, sa'an nan mai zane ya zana askakin da tambarin a jikin ƙyallen. Daga nan sai a miƙa wa mai aikin allura, wanda shi ne ke cin yawancin lokacin. In ya gama, rigar ta komo hannun tela ya haɗa ta, a wanke dattin hannu da sauran tawadar zane, a shanya, a kai wa mabuga su buga ta har ta yi sheƙi. Shi wannan tela, mai aikinsa a Zariya yake, garin da ya shahara da aikin hannu, kuma direbobin manyan motoci ne ke kai masa saƙo su kawo masa.

Ranar 12 ga azumi sai labari ya iso daga Zariya cewa zazzaɓi ya kwantar da mai aikin har kwana 9, amma ya sami sauƙi, gobe zai koma kan allura. Saura kwana 13 ke nan ranar alkawari ta cika. Nan ne mai sana'a yakan ruɗi kansa, ya ce ai da sauran lokaci, a bari a ga abin da Allah zai yi. Telan bai yi haka ba. Bai kuma garzaya wurin Alhaji nan take da baki wofi ba, domin ba da haƙuri ba tare da sabuwar rana ba, ƙara wa mutum damuwa ne kawai. Abin da ya fara yi shi ne ya kira mai aikin a waya, ya yi masa tambaya biyu: me aka gama, kuma cikin kwana nawa aka gama shi?

Amsar ita ce an gama aljihu da askakinsa da wuya cikin kwana 24. Saura tambarin gaba da na baya, waɗanda a ƙiyasin su biyun sun kai rabin abin da aka riga aka yi. Rabin 24 kuwa 12 ne. Da telan ya bi son zuciyarsa, ga lissafin da zai yi: a fara ran 13, a gama ran 24, kwana 2 a hanya, haɗi ran 27 da 28, wanki da bugu ran 29 da 30, Alhaji ya karɓi rigarsa daren Sallah. Lissafi ne mai daɗin ji, amma duk wanda ya san sana'ar zai ga ramukan da ke cikinsa. Yana bukatar mutumin da ya tashi daga ciwo, ga kuma azumi a bakinsa, ya yi aiki kamar yadda ya yi da lafiyarsa a Sha'aban. Yana bukatar a sami mota a ranar da aka gama. Yana bukatar mabuga su ajiye tulin rigunan da ke gabansu su ɗauki wannan. Bayan duk wannan, in aka ga wata ran 29, Sallah ta matso da kwana ɗaya, lissafin ya rushe ko da kowa ya yi nasa daidai.

Saboda haka sai ya sake lissafi a kan abin da ya saba gani, ba a kan abin da yake fata ba. Ya san cewa a cikin azumi aikin kwana 3 yakan ci kwana 4, domin ido da wuya suna gajiya tun kafin la'asar. Ashe kwana 12 sun zama 16, watau daga 13 zuwa 28 ga wata. A wannan lokaci kuwa hankalin direbobi ya koma gida, samun amintaccen hannu mai gangarowa kudu sai an yi sa'a. Don haka ya ɗauka rigar za ta bar Zariya ran 4 ga watan Sallah, ta iso Ibadan ran 5. Haɗi ran 6 da 7, wanki da bugu ran 8 da 9. A kan wannan ya ɗora kwana 3 na ko-ta-kwana, saboda lalacewar mota, ko hadari ya hana shanya bushewa, ko ciwon ya komo. Sabuwar rana ta zama 12 ga watan Sallah. Ya kuma lura ya ƙirga ta daga watan Sallah, ba daga azumi ba, don kada cikar wata ko rashin cikarsa ya sake kawo gardama.

A daren nan bayan asham ya tafi gidan Alhaji da ƙafarsa. Bai aiki yaro ba, bai kuma jira Alhaji ya biyo ta shago ba. Da suka gaisa sai ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, magana ce mara daɗi na zo da ita, gara ka ji ta daga bakina. Rigarka ba za ta samu kafin Sallah ba. Ni na sa maka rana, ni kuma na kasa cika ta. Ka yi haƙuri, ka gafarce ni."

Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Haba Malam! Tun farkon Sha'aban fa. Da na san haka ne ai da na kai wani wuri."

Telan bai katse shi ba, bai kuma ce ai laifin mutumin Zariya ne ba. Da ya ga ya numfasa sai ya ce, "Gaskiyarka ce, Alhaji. Mai aikin ne ya kwanta kwana 9, amma da ni ka yi jinga, ba da shi ba. Ga inda aiki ya tsaya, ga abin da ya saura." Ya zayyana masa lissafin daki-daki, ya ƙare da cewa, "Ran 12 ga watan Sallah zan kawo maka ita har gida, in Allah ya yarda. Ran 28 ga azumi kuma zan zo in gaya maka ko an sauke allura ko ba a sauke ba, kada ka zauna cikin duhu."

Alhaji ya ce, "To, ba za a ƙarasa tambarin da keke ba, a huta?"

Telan ya ce ana iyawa, kuma in haka yake so za a yi. Amma ya nuna masa cewa ɗinkin keke da na hannu ba sa zama ɗaya a jikin riga, duk mai ido zai gane tun daga nesa, ga shi kuwa shaddar mai tsada ce, in an ɓata ta ba ta gyaruwa. Sa'an nan ya ajiye masa abin da ke cikin ikonsa. 'Yar ciki da wando suna hannunsa, zai gama su ran 20 ga azumi. In Alhaji yana da wani yadi a ajiye, ya kawo a yi masa riga mai sauƙin aiki da keke, ya je Idi da ita, ba zai karɓi ladan ɗinki ba. In kuwa ya fi son a raba jingar, za a komo masa da ƙyallensa yadda yake, da abin da ya saura daga kuɗinsa bayan an fitar da haƙƙin mai allura. Alhaji ya yi shiru, can ya ce a yi ta keken, waccan kuma a bar ta ta nuna.

Abin lura a nan shi ne ranar da telan ya zaɓa ya yi magana. Da ya yi shiru har 25 ga wata, da babu telan da zai karɓi sabon ɗinki a Sabo, da kuma haƙurin da zai bayar bai tsinana wa Alhaji kome ba. Kwana 13 ɗin nan su ne suka mai da ban-haƙuri ya zama abin amfani, domin sun bar wa mai kaya zaɓi. Haka kuma jerin maganar yana da muhimmanci: mummunan labari da farko, sa'an nan ɗaukar laifi, sa'an nan dalili a taƙaice, sa'an nan rana. Wanda ya fara da dogon labarin ciwo da tsadar zare da halin direbobi, mai sauraro yakan ji kamar ana share fage ne don a zame.

Ran 28 telan ya cika alkawarin farko, ya zo ya ce saura aikin yini ɗaya. Rigar ta bar Zariya ran 5 maimakon ran 4, ruwan sama kuma ya cinye wani yinin wajen shanya. Biyu daga cikin kwanakin ko-ta-kwana sun tafi ke nan, amma duk da haka ran 11 riga ta shiga hannun mai ita, kwana ɗaya kafin ranar da aka sa. Da ranar 9 ya faɗa, da ya sake zuwa ba da haƙuri, alhali kuwa haƙuri na biyu ba ya da daraja irin ta na farko.

Mai ba da aiki ma yana iya gane ranar gaskiya daga ranar kore shi. In aka ce masa "bayan Sallah" ko "cikin satin nan", ba a sa masa rana ba tukuna. In aka faɗi rana, to, ya tambaya: me ya saura, hannun wa yake, kwana nawa kowane mataki zai ci? Wanda ya yi lissafi zai amsa ba tare da inda-inda ba, kuma ranar tasa takan yi nisa fiye da yadda ake so. Wanda bai yi ba, sai ya hau rantsuwa, ya kuma faɗi ranar da ta fi kusa, domin ita ce za ta sallami mutum daga ƙofar shago. Faɗin "in Allah ya yarda" ladabi ne da ya wajaba a kan duk mai alkawari, amma wurinsa bayan an ƙirga kwanaki ne, ba a madadin ƙirgawa ba.