Lambar da ke bayan leda ba ta cikinka ba ce, sai ka yi mata lissafi

Duk ledar taliya ko biskit da ka juya, za ka tarar da ɗan jadawali a bayanta, da ƙananan rubutu kamar sahun tururuwa. Yawancinmu ba ma kallonsa. Waɗanda ke kallo kuwa sukan ɗauki lambar farko da idonsu ya faɗa kanta, su ce abin da suka ci ke nan. Alhali kamfani bai san ko leda nawa ka ci ba, bai san ko ku nawa kuka zagaye kwanon ba. Ma'auni ɗaya ya zaɓa, galibi giram 100, ya ce ga abin da ke cikin wannan. Mayar da lambar zuwa abin da ya shiga cikinka aikinka ne, kuma bai fi lissafin da ake yi a aji biyu na ƙaramar sakandare wuya ba.

Ni 'yar Dakko ce, a ƙaramar hukumar Bakura, ina karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Abin da ya sa na zauna na yi wannan lissafi tsaf shi ne kawunmu, ƙanen mahaifiyata. Manomin shinkafa ne a filayen ban ruwa na Bakolori, kuma duk Talata yana kasuwar Mafara tun safe. An auna shi a asibiti aka ce yana da hawan jini, aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri. A gida an rage masa a miya, har yana ƙorafin cewa an mayar da shi mara lafiya da ƙarfi da yaji. Amma ba wanda ya kawo maganar abin da yake ci a teburin mai shayi: taliyar leda, wadda kowa ke kira indomi ko da wane kamfani ya yi ta, ƙanana guda biyu da ƙwai. A wurinsa wannan ba gishiri ba ne, tunda bai ga an barbaɗa ba.

Ƙanwata, wadda ke aji biyar, ita ta ɗauko ledar ta turo mini hotonta ta waya. Ta rubuta: "Yaya, duba mini, wai wannan yana da gishiri da yawa?"

Hoton ya zo da matsalar da irin waɗannan hotuna suka saba zuwa da ita. Leda tana da sheƙi, hasken waya ya buga a kai, sannan an yage ta daga sama, yagar ta tafi da layin farko na jadawalin. Wannan layin kuwa shi ne mafi muhimmanci, domin shi ke faɗin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Abin da ya rage shi ne jeri biyu na lambobi, gefe da gefe. A layin da aka rubuta "Sodium", jerin hagu ya ce 1,600 mg, na dama ya ce 1,120 mg. Wanne ne na giram 100, wanne ne na cin mutum ɗaya?

Akwai dabarar ganewa ko da kan jadawalin ya ɓace. Na haɗa manyan abubuwa uku na jerin hagu: sitaci da danginsa giram 62, mai giram 18, furotin giram 9. Jimla 89. Ƙaramar leda giram 70 ce gaba ɗayanta, kuma giram 89 ba zai fito daga cikin giram 70 ba, kamar yadda ba za a ɗebi mudu tara daga buhun da aka zuba wa bakwai ba. Ke nan jerin hagu na giram 100 ne. Sai na raba 1,120 da 1,600, na samu 0.7, wato jerin dama kashi bakwai ne cikin goma na na hagu, giram 70 ke nan. Duk da haka na ce ta sake ɗauko wani hoton daga gaban ledar, inda ake rubuta "Net Wt", domin nauyin abin da ke ciki sau da yawa ba ya kusa da jadawalin. Ta turo, giram 70 ne. Wanda zai ɗauki irin wannan hoto, ya miƙe ledar a kan littafi, ya kashe hasken wayar, ya fita inuwar waje, ya ɗauki gaba da baya. Ɗigo ɗaya da sheƙi ya cinye yana mayar da 1.6 ya zama 16.

Daga nan sauran mai sauƙi ne. Kawu yana cin leda biyu, giram 140. Ka raba abin da aka ci da ma'aunin jadawalin: 140 ÷ 100 = 1.4. Wannan 1.4 ita ce mabuɗin, da ita za ka ninka kowane layi da kake so. Sodiyam: 1,600 × 1.4 = 2,240 mg. Idan ka bi ta jerin dama, 1,120 sau biyu, nan ma 2,240. Hanya biyu sun haɗu a wuri ɗaya, to hankali ya kwanta.

Sai dai a asibiti ba a ce wa Kawu sodiyam ba, gishiri aka ce. Nan darasin kimiyyar sinadarai ke shigowa. Gishirin girki sodiyam ne haɗe da kulorin. Nauyin ƙwayar sodiyam 23, na kulorin 35.5, jimla 58.5. Idan ka raba 58.5 da 23 za ka samu kusan 2.5. Shi ya sa ake ninka sodiyam da biyu da rabi a samu gishiri: 2,240 × 2.5 = 5,600 mg, wato giram 5.6. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2012, ta ce babban mutum kada ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wanda ya yi daidai da giram 5 na gishiri, kusan ƙaramin cokalin shayi guda. Kawu ya wuce rabon yini gaba ɗaya kafin ƙarfe tara na safe, bai ci tuwon dare ba, ba a kuma lissafa dunƙulen da wasu masu shayi ke murzawa a kai ba.

Da na aika mata amsar, ƙanwata ta kawo wata shawara da ta yi kama da ta masu hankali. Ta ce: "Yaya, ai gara in karɓo sikelin mai shago in auna farantin bayan an dafa, shi ne ainihin abin da ya ci." Na ce a'a, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Lambobin wannan ledar na busasshiyar taliya ne tare da garin ɗanɗanon da ke cikinta. In an dafa, ta sha ruwa, nauyinta ya ninka har ya fi. Ruwa ya ƙara nauyi amma bai ƙara sodiyam ba. In ta auna dafaffe ta samu, a ce, giram 350, ta ninka da 3.5, za ta fito da 5,600 mg na sodiyam, ta tayar wa gida hankali a banza. Dole abin da ka auna ya kasance a yanayin da kamfani ya auna nasa. Akwai kayan da jadawalinsu na bayan an haɗa ne, kamar wata madarar gari da ke ba da lissafin kofi guda bayan an dama, kuma sukan rubuta hakan a saman jadawalin. Wani dalilin ke nan da ya sa ba a yarda da hoton da ya yanke sama.

Ku kuma 'yan makaranta, da wuya a ga ɗayanku ya ci shi kaɗai. Ita ƙanwata da ƙawayenta biyu sukan haɗa kuɗi su dafa manyan leda biyu masu giram 120. Jimla 240, a raba uku, giram 80 kowacce, in dai ba a samu mai saurin hannu ba. In lambobin babbar ledar daidai suke da na ƙaramar, 1,600 × 0.8 = 1,280 mg, gishiri giram 3.2. Ya fi rabin rabon babban mutum, kuma hukumar ta ce na yara 'yan shekara 2 zuwa 15 ya kamata ya yi ƙasa da na manya. A babbar leda kuma a duba da kyau, domin wani kamfanin yakan ɗauki leda ɗaya a matsayin cin mutum biyu. Lambar jerin dama sai ta fito ƙarama, abin sha'awa, alhali rabin leda take nufi. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ci rabi ya ɗaure sauran ya ajiye ba. Shi ya sa na fi amincewa da jerin giram 100, shi ne ba ya canzawa daga kamfani zuwa kamfani, kuma da shi kaɗai za ka iya gwada kaya biyu.

Kasuwanninmu kuma ba kayan Najeriya kaɗai ke cikinsu ba, akwai masu shigowa ta Nijar da rubutun Faransanci. A irinsu za ka iya ganin "Sel 4,0 g". Abu biyu ne a nan. Waƙafin da ke tsakani shi ne ɗigonmu, giram huɗu ake nufi, ba arba'in ba. Kalmar kuma gishiri take nufi kai tsaye, an riga an yi maka ninkin, kada ka sake ninkawa da 2.5. Giram 4 na gishiri da miligiram 1,600 na sodiyam abu ɗaya ne da suna biyu. Lambar hukumar NAFDAC da ake nema a jikin kaya kuwa tana nuna an yi musu rajista ne, ba ta ce gishirinsu kaɗan ne ba.

Da aka kai wa Kawu labari, an ce ya yi shiru, sannan ya ce: "To, ɗiyata ta jami'a ta hana ni karin kumallo ke nan?" Ba a hana shi ba. Ya koma leda ɗaya, 1,120 mg, ya kuma ce wa mai shayin ya riƙa zuba rabin garin ɗanɗanon, ya ƙara albasa da attaruhu. Ƙanwata ta so in faɗa mata sabuwar lambar, to amma jadawalin ya haɗa taliyar da garin a lamba ɗaya, bai ware nawa ke cikin kowanne ba, ita taliyar ma da gishirinta aka kwaɓa ta. Abin da lissafi ya iya cewa shi ne ya yi ƙasa da 1,120, ya kuma fi 560. Miyar gida kuwa ba ta da leda balle jadawali. Wannan sai an ƙirga dunƙule nawa aka jefa a tukunya, an duba nauyin kowanne a jikin fakitinsa, sannan a raba da yawan kwanukan da aka zuba.