Kunkuru, igiya da kwalbar magani

A makon jiya 'yata mai shekara takwas ta dawo daga makarantarsu da ke nan Agege da wata tatsuniya a baki. Malamarsu Bayarabiya ce, ta ba su labarin kunkuru, wanda Yarabawa ke kira Ijapa, Ibo kuma Mbe. Mu da muka tashi a gindin kakanni a Arewa Gizo da Ƙoƙi muka sani, amma 'ya'yanmu da aka haifa a kurmi kunkuru ne gwaninsu. Ga yadda ta ba ni labarin.

Wata rana kunkuru ya je wurin giwa ya ce, "Ranki ya daɗe, ana ta zancen ƙarfinki, amma in muka ja igiya ni da ke, ba za ki iya gusar da ni ba." Giwa ta yi dariya, ta karɓi bakin igiya. Kunkuru ya ja ɗaya bakin ya ratsa daji har bakin kogi, ya faɗa wa dorina irin wannan magana. Ita ma ta karɓa. Sai ya koma tsakiya ya ɓuya a cikin ciyawa, ya girgiza igiyar. Giwa ta ja, dorina ta ja, tun hantsi har faɗuwar rana babu wadda ta kayar da wata. Da suka galabaita, kunkuru ya je wurin kowacce yana haki, kowacce ta ce lallai ta yarda, ya fi ƙarfin raini.

Nan malama ta tsaya, yara suka tafa. Ni ma na yi dariya, ban san labarin zai biyo ni har gida ba.

A lokacin yarinyar tana shan maganin ciwon maƙogwaro da likita ya rubuta mata, irin na ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, mililita 5 sau uku a rana. Ni nake ba ta na safe, kakarta ta ba ta na rana bayan an tashi makaranta, na dare kuwa duk wanda ya samu sarari tsakanina da mahaifinta. A rana ta biyar da asuba na ɗaga kwalbar na ga lissafi bai fita ba. Kwalbar mililita 100 ce. Kwana huɗu a kan 15 kullum ya kama 60, ke nan ya kamata a ce saura ƙasa da rabi. Amma abin da ke ciki ya haura rabi. Na tambayi mahaifinta, ya ce ai kullum tana ce masa Umma za ta ba ta in ta dawo. Ni kuma in na dawo daga kantin magani sai ta ce Abba ya riga ya ba ta. Dare huɗu ke nan giwa da dorina suna riƙe da igiya, kunkuru yana kwance yana barci.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne irin wannan magani yana buƙatar a sha shi a kan lokaci domin ƙarfinsa kada ya sauka a jini. In ana tsallakewa, ciwon na iya lafawa sannan ya dawo. Ban ninka mata awo don a rama ba, kuma ina roƙon iyaye kada su yi haka. Na kira likitan na gaya masa gaskiya, ya faɗa mini yadda za mu ƙarasa.

Da daddare na zaunar da ita. Na so in yi faɗa, sai na ga ya fi kyau mu koma cikin tatsuniyar. Na ce, "Me ya sa kunkuru ya ci nasara?" Ta ce don yana da wayo. Na ce akwai wayo, amma ki duba da kyau. Ba shi da gudu, ba shi da ƙaho, ba shi da farce mai yanka. Abin da ya mallaka shi ne haƙuri da lura. Ya lura giwa tana da girman kai, ba za ta iya ƙin amsa gayyar ƙaramin abu ba. Ya kuma lura giwa na tudu, dorina na ruwa, ba sa zama su yi magana. Da ɗayarsu ta bi igiyar nan ta ga wanda ke riƙe da ɗaya bakin, da zance ya ƙare tun kafin azahar. Ashe ba ƙarfin kunkuru ne ya kayar da su ba, rainin da suka yi masa ne da rashin bincike.

Shi ya sa yara ke son kunkuru, kamar yadda muka so Gizo. Yaro shi ne ƙarami a gida, ƙarami a aji, kowa yana ba shi umarni. Idan ya ji mai gajerun ƙafafu ya juya manya, sai ya ji kamar an rama masa. Wannan ba laifi ba ne. Yana da kyau yaro ya san tunani na iya fitar da mutum inda ƙarfi ya gaza.

Sai dai masu tatsuniyar ba su bar kunkuru ya sha lafiya kullum ba. A labaran Yarabawa, ya saci abinci mai zafi a gidan surukai ya ɓoye a hula, ya ƙone kansa, shi ya sa ba shi da gashi. A labarin Ibo da Chinua Achebe ya saka a littafinsa na 1958, ya yaudari tsuntsaye ya cinye abincin biki a sama, suka ƙwace gashin da suka ara masa, ya faɗo ƙoƙon bayansa ya farfashe. Idan wayon ya zama na kwaɗayi da cin amana, a jikinsa yake ƙarewa.

Don haka na ƙarasa mata labarin igiyar da nawa ƙarshen. Na ce bayan kwana biyu giwa ta je shan ruwa ta tarar da dorina tana ɗingishi. Wannan ta ce kunkuru ne ya gajiyar da ita, waccan ta ce ita ma haka. Suka dubi juna. Tun daga ranar, ko gobara kunkuru ya zo ya ce ta tashi, babu mai motsawa sai an aika wani ya gani. Kuma da ya ji takun ƙafa sai ya janye kansa cikin ƙoƙo. Ƙurunƙus.

Ta yi shiru, can ta ce, "Umma, yanzu in na ce na sha magani ba za ki yarda ba?" Na ce zan yarda, amma sai na bi igiya tukuna, har zuwa lokacin da za ki dawo da abin da kika zubar. Ta yi kuka kaɗan. Ina ganin wannan ya shige ta fiye da bulala.

Mu ma manya an ja mana kunne. Yanzu akwai takarda manne a jikin firij, an ja layi uku na safe da rana da dare, wanda ya ba da magani shi zai sa hannu. A kanti ma haka nake yi: yaro ya zo ya ce an aiko shi sayen maganin da bai dace da hannun yaro ba, sai in ce ya kira mini wanda ya aiko shi a waya.

In 'ya'yanku suka kawo muku labarin kunkuru, ku saurara har ƙarshe, ku yi dariyar tare da su. Sannan ku tambaye su abin da ya faru washegari, ranar da giwa da dorina suka haɗu a bakin ruwa.